Hawan Kibo a Kan Takarda: Yadda Taswira Ke Nuna Tudu da Kwari

Duk direban da ya saba bin hanyar Akwanga zuwa Jos ya san Hawan Kibo, inda manyan motoci ke nishi kafin su kai saman tsaunukan Filato. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mutum na iya gane tsananin hawa irin wannan daga zaune, muddin akwai taswirar da ke da layukan tsayi a gabansa.

Layukan nan sirara ne, galibi masu ruwan ƙasa, kuma kowanne yana bin wuraren da tsayinsu daga saman teku ɗaya ne. Ka tuna zanen da ruwan madatsa ke bari a jikin gaɓa idan ya ja da baya da rani: duk inda zanen ya bi, tsayinsa ɗaya. Garin Jos yana wajen mita 1,200 ne daga saman teku, saboda haka lambobi masu kama da wannan za ka riƙa gani a jikin layukan yankin.

Kafin komai, duba gefen taswirar ka ga tazarar tsayin da ke tsakanin layi da layi. Idan mita 20 ce, duk layin da ka ƙetare ka hau ko ka sauka mita 20. Daga nan sai ido ya yi aikinsa. Inda layuka suka cunkushe, hawa ne mai tsanani. Inda suka warwatsu, ƙasa ta kusa zama fili. Idan suka kusa haɗewa, katangar dutse ce, kada ma ka nufe ta da mota.

Wurin da ake yawan rikicewa shi ne bambance kwari da doron tudu, domin a duka biyun layukan kan lanƙwashe kamar harafin V. Lambobi ne ke raba gardama. A kwari, tsinin lanƙwasar yana fuskantar inda tsayi ke ƙaruwa, wato yana nuna inda ruwa ke fitowa. Sau da yawa ma za ka ga shuɗin layin rafi ya ratsa tsakiyarsa. A doron tudu kuwa, tsinin yana kallon ƙasa, wajen ƙananan lambobi, kuma ƙasar tana gangarawa ta dama da hagu. Manomin da ya ga gonar da zai saya tana cikin lanƙwasa ta farko ya san nan ne ruwan damina zai taru ya biyo.

To, yaya ake auna tsananin hawan? Mu ɗauka taswirar tana da ma'aunin 1:50,000, wato kowace santimita 2 a takarda kilomita 1 ce a ƙasa. Hanyarka ta tashi daga layin mita 1,200 ta ƙare a na mita 1,300, don haka hawan mita 100 ne. Sai ka ɗauki zare ka bi hanyar da shi, kwana-kwana, sannan ka miƙe shi a kan rula. Ka ce ya ba ka santimita 3, mita 1,500 ke nan. Raba 1,500 da 100, ka sami 15: a duk tafiyar mita 15 kana hawa mita 1. Babur da kayansa zai hau ba tare da wahala ba. Amma da a ce wata hanyar yanke ta kai ka wuri guda a santimita 1 kacal, mita 500 ke nan, kuma lissafin ya koma mita 1 a kowace mita 5. Wannan kam mai ɗauke da buhu a ka sai ya huta kafin ya kai. Dalilin da ya sa titunan kan tsauni ke yawan kwana ke nan: ana tsawaita hanya ne don a rage zafin hawa.

Sai dai lissafin nan matsakaici ne kawai. Idan huɗu daga cikin layukan sun taru a guntun wuri ɗaya, wahalar duk tana nan, ko da amsar ta ce 15. Haka kuma kwazazzabon da zurfinsa bai kai tazarar layukan ba yana iya ɓacewa daga taswirar sam, alhali zai iya hana mota wucewa.

Akwai kuma tarkon da ke kayar da ɗalibai a jarrabawa. Tsofaffin taswirorin Najeriya da yawa da ƙafa aka rubuta tsayinsu, galibi tazarar ƙafa 50, wadda ba ta wuce mita 15 da 'yan kai ba. Wanda ya ɗauki ƙafa a matsayin mita zai ninka hawan fiye da sau 3. Saboda haka ka karanta rubutun gefen taswira kafin ka ɗauki zare.