Rage Nauyin Hoton PNG Ba Tare da An Taɓa Ingancinsa Ba

Hotuna biyu na PNG za su iya zama iri ɗaya sak a kan allo, amma ɗaya ya fi ɗaya nauyi sosai. Dalili kuwa shi ne fayil ɗin PNG, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 1996, ba hoto kaɗai ya ƙunsa ba. Sassa ne a jere, kowanne da sunansa mai harafi huɗu. Wanda sunansa ya fara da babban harafi, kamar IHDR mai bayanin faɗi da tsawo, ko IDAT inda ainihin hoton yake, wajibi ne. Wanda ya fara da ƙaramin harafi ƙari ne, hoto zai buɗe ko babu shi.

A cikin waɗannan ƙarin ake samun tarkace. Sashen tEXt kan ɗauki sunan manhajar da aka yi hoton da ita, tIME ya ɗauki lokacin gyara, eXIf kuma bayanan kyamara, wani lokaci har da wurin da aka ɗauki hoton. A babban hoto, cire su ba ya rage wani abin kirki. Amma a ƙaramin tambari na shafin intanet, tarkacen kan iya fin hoton kansa nauyi.

Sai dai ba kowane ƙari ne tarkace ba, kuma a nan masu gaggawa suke ɓarna. Sassa irin su iCCP da sRGB su ke gaya wa na'ura yadda za ta nuna launi. In aka cire iCCP daga hoton da aka shirya da launi na musamman, ja zai iya dusashewa, alhali ko ɗigo ɗaya bai canza a cikin fayil ɗin ba. Haka ma hoto mai motsi na APNG, motsin nasa a irin waɗannan sassa yake. A share su, ya tsaya cak.

Aiki na biyu shi ne sake matsewa, kuma galibi nan ribar take. Kafin a matse hoto da tsarin DEFLATE, ana bin kowane layi da ɗaya daga cikin dabarun tacewa guda biyar, misali a rubuta bambancin ɗigo da maƙwabcinsa maimakon cikakken launinsa. Manhajar da ta ɗauki hoton allo sauri take yi, ba ta tsayawa gwada dabarun. Manhajoji irin su OptiPNG da oxipng kuwa sukan zauna su gwada hanyoyi da dama, su ajiye mafi ƙanƙanta.

Mu ɗauki hoton allo mai faɗin ɗigo 1920 da tsawon 1080. In kowane ɗigo yana cin bayit huɗu, uku na launi ɗaya na shara-shara, ɗanyen hoton ya kai bayit 8,294,400. Hoton allo yawanci ba shi da wurin da ake ganin abin da ke bayansa, don haka bayit na huɗu zaman banza yake, a cire shi a koma 6,220,800. In launukan ba su wuce 256 ba, ana iya jera su a jadawali, kowane ɗigo ya ci bayit ɗaya. Kada dai mai karatu ya sa ran fayil zai ragu daidai da haka, domin matsewar farko ta riga ta cinye yawancin maimaicin.

```
oxipng -o 4 --strip safe --out sabo.png asali.png
```

Kalmar `safe` na nufin a cire abin da bai shafi yadda hoto ke fitowa ba kawai. `all` kuwa share-fage ce. Shi kuma `--out` yana hana a rubuta a kan fayil na asali, wanda shi ne abin da oxipng ke yi in ba a hana ta ba.

Daga nan sai bincike. A ce asalin bayit 400,000 ne, sabon kuma 340,000. An rage 60,000, wato kashi 15 cikin ɗari. Amma ragi kaɗai ba ya tabbatar da cewa hoton na nan yadda yake, kuma ido ba shaida ba ne. Manhajar ImageMagick za ta ƙirga ɗigon da suka bambanta:

```
compare -metric AE asali.png sabo.png null:
```

In ta nuna 0, babu ɗigon da ya canza. Wannan gwaji bai shafi bayanin launi ba, don haka a duba jerin sassan da `pngcheck -v sabo.png` a ga ko iCCP na nan.

Wanda ya ga hoto mai dubban launuka ya ragu da fiye da rabi, ya yi hattara. Mai yiwuwa an bi da shi ta manhaja irin pngquant, wadda ke zubar da launuka har su koma 256 ko ƙasa da haka, kuma abin da ta zubar ba ya dawowa. Hoton da aka ɗauka da kyamara kuwa, komai matsar da aka yi masa a PNG, ragin kaɗan ne. JPEG ya fi dacewa da shi.