Idan Amazon Ta Rufe Maka Shago

Kafin Amazon ta dakatar da ɗan kasuwa, wani lokaci ciniki ne ke fara ja da baya. Kayansa na nan a shafi, amma maɓallin saye, wanda kamfanin ke kira Featured Offer, ya koma hannun wani. Da yawa sukan ɗora laifin a kan kasuwa su hau rage farashi, alhali amsar tana shafin Account Health a cikin Seller Central.

Ɗaya daga cikin ma'aunan da ke kayar da mutane shi ne Order Defect Rate, kuma dole ya zauna ƙasa da kashi 1 cikin ɗari a lissafin kwana 60. Abu uku ke shiga cikinsa: mummunan sharhi mai tauraro ɗaya ko biyu, ƙarar da mai saye ya shigar ta A-to-z Guarantee, da kuɗin da ya janye ta bankinsa. A ce mai sayar da jakunkunan fata ya yi ciniki 200 a wata biyu, mutum uku suka koka cewa rini ya ɓata musu tufafi. Kashi 1.5 ke nan, ya haye layi. Ƙaramin ɗan kasuwa ya fi shan wannan duka, domin koke kaɗan ya isa ya tuntsurar da lissafinsa.

In an kai ga dakatarwa, sau da yawa akan nemi takardar da ake kira Plan of Action. A nan ne roƙo ke cutar da mutum. "Ku yi haƙuri, ina da iyali" ba ta buɗe shago, haka ma zargin masu saye da sharri. Mai karanta takardar yana son ya ga musabbabin matsalar, da gyaran da aka riga aka yi, da matakin hana ta dawowa. Mai jakunkunan sai ya rubuta cewa duka ukun daga rukuni ɗaya suka fito, wanda aka ɗaure rininsa bai kama ba. Ya mayar wa mutanen kuɗinsu, ya janye ragowar rukunin. Yanzu kuma kowace jaka sai an goga mata farin ƙyalle mai danshi kafin a sa ta a kwali. Ya haɗa da rasiɗan sayen fatar. Kada ya taɓa rasiɗin da gyara ko na harafi ɗaya, don takardar jabu ta fi laifin farko muni.

Kuɗin ciniki na iya maƙalewa har kwana 90, kuma wannan matsin ne ke tura wasu su buɗe sabon asusu da sunan ƙane ko mata. Kamfanin na gane alaƙar ta adireshi, asusun banki ko na'urar da aka shiga da ita, sai ya rufe duka biyun. Ka tsaya kan asusunka na farko, kuma in an ƙi takardarka, kada ka sake aika ta yadda take sai ka ƙara hujjar da aka nema.