Yadda ake fayyace wa manhajar harshe gurbin da za ta cike

Manhajar harshe ba ta ganin cikin aikin da za ta kira. Suna da bayanin da aka rubuta mata kaɗai take karantawa, a tsarin JSON Schema, daga nan take cike gurabe.

Gurbin ranar tafiya a manhajar sayar da tikitin mota misali ne. Idan `date` kawai aka rubuta, sai ta zuba "jibi" ko `03/04`, wanda ba a san Maris ko Afrilu yake nufi ba. Gyaran shi ne bayanin ya ce a rubuta `YYYY-MM-DD`, kamar `2025-04-03`, kuma a sanar da ita ranar yau, domin ba ta da kalanda.

Mafi haɗari shi ne `required`. Idan aka tilasta cike gurbin da fasinja bai ambata ba, tana iya ƙirƙiro amsa, shi ya sa ake umartar ta da ta tambaye shi tukuna.