Jakar Alharini a Titin Makka

Yunwa ce ta fito da Abubakar daga masaukinsa a ranar. Baƙo ne a Makka, guzurinsa ya ƙare, bai sami ko loma guda da zai sa a bakinsa ba. Yana tafe sai idonsa ya faɗa kan wata jaka ta alharini, an ɗaure bakinta da igiya mai tuntu, ita ma ta alharini. Ya ɗauka ya koma gida. Da ya kwance, sai ga sarƙar lu'ulu'u wadda bai taɓa ganin irinta ba.

Wannan labari ya daɗe yana yawo a bakin masu wa'azi, har wasu suna ɗaukarsa tatsuniya. To amma mai labarin sananne ne. Sunansa Abubakar Muhammad ɗan Abdulbaƙi al-Ansari, mutumin Bagadaza, an haife shi a shekara ta 442 bayan Hijira, ya rasu a 535. Ana yi masa laƙabi da al-Bazzaz, wato mai sayar da yadi, sana'ar da a Kano za a ce ta 'yan Kwari ce. Daga baya ya zama babban malamin hadisi. Ibn Rajab, wanda ya rasu a 795, ya kawo ƙissar a littafinsa na tarihin malaman Hambaliyya, kamar yadda aka ruwaito ta daga bakin shi Abubakar ɗin.

Da ya sake fitowa, sai ya ji wani dattijo yana cigiya. A hannunsa akwai ƙyalle da aka ƙulle dinari 500 a ciki, yana shelar cewa na wanda ya dawo masa da jakarsa ne. Dinari guda na zinariya nauyinsa wajen giram huɗu da kwata ne, ke nan dattijon yana riƙe da zinariya fiye da kilo biyu. Abubakar bai ɓoye abin da ya fara ɗarsuwa a zuciyarsa ba: shi mabuƙaci ne, ga yunwa, bari ya mayar da jakar ya karɓi zinariyar ya amfana da ita. Wannan gaɓa ce masu ba da labarin suka fi yawan tsallakewa, alhali ita ce take nuna cewa mutum ne kamar kowa, cikinsa na ƙugi, zuciyarsa na lissafi.

Bai miƙa jakar a titi ba. Ya ja dattijon zuwa gida, ya bar shi ya siffanta kayansa. Dattijo ya faɗi yadda jakar take, ya faɗi alamar tuntun, ya faɗi irin lu'ulu'un da adadinsu, har da zaren da aka shirya su a kai. Sai da komai ya dace sannan Abubakar ya fito da ita.

Abin da ya yi ɗin karatu ne, ba wayo ba. A hadisin Zaidu ɗan Khalid al-Juhani, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya umarci mai tsintuwa ya riƙe kamannin mazubin da igiyar da aka ɗaure shi da ita, sannan ya yi cigiya shekara guda. Sahabi Ubayyu ɗan Ka'ab ma ya taɓa tsintar ƙunshin dinari 100, aka sa shi cigiya, aka ce ya kiyaye adadi da mazubi da maɗauri. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya ci karo da wannan hukunci. Dalilinsa a fili yake: mai kaya ne kaɗai ya san abin da ke ciki. Shi ya sa mai cigiyar da ya san aikinsa ba ya cewa ya tsinci jaka baƙa mai zif biyu da dubu tamanin a ciki. Cewa yake an tsinci kuɗi a wuri kaza, mai su ya zo da shaida. In ya zayyana komai, to ya koya wa maƙaryaci amsar jarrabawa, kuma alhakin mai kayan na gaskiya yana wuyansa.

Tsintuwar Makka kuwa ta fi tsanani, domin hadisi ya hana ɗaukar ta sai ga wanda zai yi cigiyarta.

Dattijo ya miƙo dinari 500. A nan ne Abubakar ya janye hannunsa. Ya ce mayar da jakar wajibi ne a kansa, ba zai karɓi lada a kan wajibi ba. Dattijo ya matsa, ya nace, shi kuma ya kafe. Daga ƙarshe mutumin ya tafi da jakarsa da zinariyarsa, ya bar Abubakar da yunwar da ya tashi da ita.

Mai karatu zai iya cewa ai tukuici ba haramun ba ne, kuma tambayar tana kan hanya. Malamai sun rarrabe. Wanda ya ji an sa lada, ya tashi ya shiga nema saboda ita har ya gano kayan, ya cancanci abin da aka yi alkawari, domin aiki ya yi. Abubakar kuwa ya riga ya tsinci jakar kafin ya ji shela, ta zama amana a hannunsa, mayar da ita dole ne ko da kwabo ba a sa ba. Ibn Rajab ya tsaya a kan wannan bambanci bayan ya gama labarin. Abin da ya fi muni shi ne wanda ake gani a tashoshi da kasuwanni, inda mai tsintuwa zai riƙe waya ko takardun mutum ya ce sai an ba shi na goro. Wannan ya tashi daga tukuici, ya koma garkuwa da kayan mutane.

Sauran labarin shi ne wanda aka fi sani. Abubakar ya bar Makka ta teku, jirgin ya kife, mutane suka halaka, shi ya tsira a kan guntun katako har ruwa ya kai shi wani tsibiri. Ya zauna a masallaci yana karatun Alƙur'ani, mutanen garin suka ji, suka riƙa zuwa koyo, daga baya suka kawo 'ya'yansu ya koya musu rubutu. Da ya samu rufin asiri, suka matsa masa ya auri wata marainiya mai dukiya. Ranar da aka kawo amarya, ya ga sarƙar nan a wuyanta, ya ƙura mata ido har dangi suka yi ƙorafin cewa ya karya zuciyar yarinya, yana kallon sarƙa ya bar mai sarƙa. Da ya ba su labari, suka ɗau kabbara. Ashe dattijon mahaifinta ne, kuma kafin ya rasu ya sha roƙon Allah ya haɗa shi da mutumin da ya dawo masa da sarƙar, ya aura masa 'yarsa.

Malaman tarihi sun kawo kusan irin wannan ƙissa a kan wani malamin Bagadaza, Ibn Aƙil, sai dai a can dattijon makaho ne, ladan dinari 100, auren kuma a Halab aka yi. Wannan ya sa ya kyautu mai ba da labarin ya ce haka aka ruwaito, kada ya rantse a kan kowane bayani.

A ruwayar Abubakar, matar ta haifa masa 'ya'ya maza biyu, sannan ta rasu. Yaran ma suka bi ta. Sarƙar ta dawo hannunsa ta hanyar gado bayan ya binne mutum uku, ya sayar da ita dinari 100,000. Ya rayu fiye da shekara casa'in, kuma yakan gaya wa masu zuwa wurinsa cewa abin da suke gani a hannunsa ragowar kuɗin sarƙar nan ne.