Gyaɗa 'yar gidan wake ce, ba 'yar itace ba

'Yan uwa masu kiwo, akwai masu ɗaukar gyaɗa a matsayin dangin 'ya'yan itatuwa masu ɓawo mai tauri, irin su kashu, saboda a Turanci an haɗa su a suna ɗaya. A ilimin tsirrai ba haka abin yake ba. Gyaɗa dangin wake ce, gidansu ɗaya da waken suya da gurjiya.

Ba sai ka je makaranta ba, tuge tushe ɗaya ka duba. Za ka ga ƙananan ƙuraje a jikin saiwar, irin na wake sak. A nan ƙwayoyin halittar da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska suke zaune, shi ya sa gero ko dawa kan yi kyau a gonar da aka noma gyaɗa bara. Sannan ka ɓare ta: kwanso ɗaya, ƙwaya biyu ko uku a jere, kamar na wake. Ɗan itace na ainihi da ake kwatanta ta da shi ƙwaya ɗaya gare shi a cikin ɓawo mai tauri, kuma a kan bishiya yake nuna. Ita gyaɗa a sama take fure, sai wani ɗan tsinke ya fito daga furen ya nutse cikin ƙasa, a can take yin 'ya'ya.

To, ina ruwan mai kaji da wannan? Da yake dangin wake ce, tunkuzarta tana da furotin kusan kashi 45 cikin 100, dab da na waken suya da aka tatse. Nan mutane ke ruɗewa, su ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Laisin, sinadarin da ke gina tsokar kaza, kusan kashi 2.8 ne a suya, a tunkuza kuwa wajen 1.5.

Mu ɗauka kana haɗa kilo 100 na abincin burola da kilo 30 na suya. Laisin ɗin da ke cikin suyar giram 840 ne. Ka cire ta gaba ɗaya ka zuba kilo 30 na tunkuza, ya dawo giram 450. Ka yi asarar giram 390 ke nan, alhali tsaki yana buƙatar sama da kilo 1 a wannan haɗin. Kaji za su ci su ƙoshi, amma sikeli ba zai hau yadda ya kamata ba. Ni shawarata, a haɗa biyun, a cike giɓin da laisin na kanti.

Sai kuma zamanta a ƙasa. Fumfunar da ke haifar da gubar afulatoksin a cikin ƙasa take, kuma ta fi kama gyaɗar da fari ya taɓa ko wadda aka adana ba ta bushe ba. Gubar tana lalata hantar kaji da kifi, kuma suya ba ta kashe ta. Tunkuzar da ta dunƙule, ko take warin ruma, kada ka saya ko da an karya maka farashi.