Fassarar Taken Biki: Darasi Ga 'Yan Kasuwa Daga Bikin Cikar Nijeriya Shekara 100

ABUJA: Duk lokacin da Sallah ko Kirsimeti ta ƙarato, kamfanoni kan fito da taken talla da Ingilishi, sa'an nan a ce a juya shi zuwa Hausa cikin gaggawa. Sau da yawa sai an biya kuɗin bugu da na gidan rediyo kafin a gane cewa saƙon bai isa ba. Taken wani biki da aka yi a nan Abuja zai nuna inda gizo ke saƙa.

A watan Fabrairun 2014 ne gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta yi bikin cika shekara 100 da haɗe Arewa da Kudu, wanda Lugga ya yi a 1914. Taken bikin shi ne "One Nigeria, Great Promise". Kalmomi huɗu ne, biyu a kowane ɓangare.

Mai bin kalma da kalma zai ce, "Nijeriya ɗaya, babban alkawari." A kunne wannan ba ta da laifi, domin kowane ɓangare gaɓa shida ne. To amma ma'ana ta kauce. A Hausa alkawari kaya ne, akwai wanda ya ɗauka, akwai wanda ke jiran cikawa. Saboda haka mai sauraro zai tambaya: wa ya yi alkawarin, kuma yaushe za a cika? Alhali abin da kalmar ke nufi a wannan gurbi shi ne alamar cewa gaba za ta yi kyau, irin abin da ake hanga a jikin yaro mai hazaƙa. Ga kamfani wannan kuskure na da tsada, domin ya ɗora wa kansa bashin da bai ci ba.

Hanyar gyara ita ce a ajiye kalmomin gefe, a faɗi manufar da Hausa zalla: ƙasar nan guda ce, kuma abin kirki yana tafe. Daga nan sai a nemi jimlar da za ta yi daidai da tsawon ɓangaren farko. "Nijeriya ɗaya, kyakkyawar makoma" ta cika gaɓa shida da shida, kuma duka ɓangarorin sun ƙare da wasali iri ɗaya. Sai dai kalmar makoma ta saba da bakin masu wa'azi da masu ta'aziyya, inda take nufin lahira, wanda kuwa bai dace da ranar murna ba.

"Nijeriya ɗaya, alheri na gaba" ta fi zama daram. Gaɓoɓinta shida ne da shida, amon ƙarshe ya dace, kuma alheri kalma ce ta gaisuwar yau da kullum. Ita ma tana da nata rauni. A rubuce ba a bambanta gaba ta wuri da gaba ta ƙiyayya, tun da rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. A nan kalmar alheri ta share shakka, amma dole mai karanta talla a rediyo ya furta ta daidai.

Wani zai ce me zai hana a ɗauko karin magana, kamar "tsintsiya maɗaurinki ɗaya"? Lalle ta ƙunshi haɗin kai fiye da kowace fassara. Amma a 2013 aka kafa jam'iyyar APC, wadda tsintsiya ce alamarta, kuma a lokacin bikin ita ce babbar jam'iyyar adawa. Ke nan karin maganar da ta yi daidai a harshe za ta iya sa wa talla rigar siyasa.

Bugu da ƙari, akwai batun maɗaba'a. Idan aka zaɓi "ƙasa ɗaya" kuma na'urar bugu ba ta da haruffa masu lanƙwasa, ƙasa za ta fito kasa, watau macijiya ko gazawa. Ya kamata mai talla ya ga samfuri da idonsa kafin a buga allo ko kalanda.

Daga ƙarshe, gwajin da ya fi kowanne sauƙi shi ne a karanta wa wanda bai ji Ingilishin ba, ko a kasuwar Wuse ko a tashar mota ta Jabi, a ce ya maimaita, kuma ya faɗi abin da ya fahimta. In ya yi tuntuɓe wajen maimaitawa, kari ne bai zauna ba. In kuwa ya tambayi wanda ya yi alkawari, sai a koma kan ma'ana kafin a saki ko sisi.