Ƙararrawar kwanciya: daga asuba ake fara lissafi

Kusan kowa na saita ƙararrawar waya don ta tashe shi, amma kaɗan ne ke saita wadda za ta kai su shimfiɗa. Alhali a nan matsalar take. Jiki na da agogonsa, kuma da duhu ya yi ƙwaƙwalwa kan saki sinadarin melatonin mai jawo barci. Haske mai ƙarfi da dare na jinkirta shi.

Lissafin daga baya ake yin sa. A ɗauki malamar makaranta da ke tashi ƙarfe 5:00 don sallar asuba. Baligi na buƙatar barcin awa 7 ko fiye, don haka ƙarfe 10:00 ya kamata ta kashe fitila. Tunatarwa uku sun ishe ta, kuma kowacce a rubuta mata aikin da za a yi, domin ƙara kawai ba ta sa mutum ya motsa.

Ta farko ƙarfe 4:00 na yamma: “Shayi ya ƙare.” Kafin da ke cikin shayi, kofi da goro kan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, shi ya sa goron magariba ke hana ido rufuwa tsakar dare. Ta biyu ƙarfe 9:00: a haɗa kayan gobe, a yi wanka, a rage haske. Ta uku, wadda aka fi saɓa wa, ƙarfe 9:30: “Ajiye waya.” A sa ta caji nesa da gado. Ba haskenta kaɗai ne abin gudu ba, hirar zauren WhatsApp ma ba ta da ranar ƙarewa. Masu iPhone za su samu Wind Down a manhajar Health, a Android kuma akwai Bedtime a manhajar Clock ta Google, amma ko ƙaramar waya mai madannai ta wadatar.

Inda tsarin ya fi rushewa shi ne gaggawa. Idan malamar ta saba kwanciya ƙarfe 12:00, ta koma 10:00 a dare ɗaya, juyi kawai za ta yi ta yi. Gara ta riƙa matso da tunatarwar da minti 15 duk bayan kwana biyu ko uku, amma lokacin tashi ya tsaya cak, har Asabar da Lahadi. Idan ta yi kamar minti 20 barci bai zo ba, ta tashi ta zauna cikin haske mara ƙarfi har ta ji gyangyaɗi.

Alamar tsari ya kama ita ce hamma kafin ƙararrawar dare, da farkawa dab da ta asuba. Wanda kuwa ke cika awanninsa amma yana wayar gari a gajiye, ga minshari mai ƙarfi, ƙararrawa ba za ta yi masa magani ba, ya je ya ga likita.